Me ya sa 43 ɗin wannan takalmi ba ya zama 43 ɗin wancan?

Duk lokacin da Salla ta gabato, ko aka tashi haɗa lefe, sai rigimar lambar takalmi ta dawo. A ba direba saƙo ya taho da sau-ciki lamba 43 daga Sabon Gari, ya kawo, ƙafa ta ƙi shiga. Mai saƙon ya ɗauko tsohon takalminsa ya nuna 43 a ƙasansa, direba ya nuna 43 a jikin sabon, kowa da gaskiyarsa. A kasuwar Wudil ran Juma'a ko ta Maigatari ran Alhamis, abin ya fi sauƙi, tunda mai ƙafar yana tsaye ya gwada. Amma yanzu da sayayya ta waya ta yawaita, hoto da lamba kawai ake turowa, kuma kuɗin mayar da kaya wani lokacin ya kusa kuɗin takalmin.

Tushen ruɗanin abu biyu ne. Na farko, lambobin da muke gani ba daga ma'auni ɗaya suka fito ba. Na biyu, yawancinsu ma ba ƙafar mutum suke aunawa ba.

Lambar ta ƙafa ce ko ta takalmi?

Wanda ya taɓa zama a shagon mai ɗinka sau-ciki ya ga wata ƙafa ta katako ko ta roba mai tauri da ake jan fata a kanta, a buga mata ƙusa, a bar ta ta ɗauki siffa. Masu sana'ar suna ce mata las. Ita ce uwar takalmi: tsawonta, faɗinta da tudunta su ne cikin takalmin yake gadowa. Kowane kamfani yana da nasa las, kuma kamfani ɗaya ma yakan yi amfani da las daban-daban ga takalmin ofis, na ƙwallo da na aiki.

Las kullum ya fi ƙafa tsawo, domin yatsu suna buƙatar sarari a gaba idan mutum ya taka. Wannan rarar takan kai santimita ɗaya da rabi zuwa biyu a takalmin manya mai rufi. Babu wata doka da ta tilasta wa masana'antu adadi guda. Wani ya bar ɗaya da rabi, wani biyu, mai yin takalmi mai tsinin baki ya bar fiye da haka saboda tsinin ba ya ɗaukar yatsa. Tsarin Turai da na Birtaniya da na Amurka duk daga tsawon las suke fara ƙidaya. Tsarin Japan da sabon tsarin China kuwa tsawon ƙafar da aka yi takalmin dominta suke rubutawa. Don haka tun kafin a zo maganar canza lamba daga wannan tsari zuwa wancan, an riga an sami giɓin da kowane kamfani yake cikewa yadda ya ga dama.

Tsarin Turai: 40, 41, 42

Wannan shi ne wanda aka fi sabawa da shi a kasuwanninmu, kuma a kan takarda ana sa masa EU ko EUR. Asalinsa daga Faransa ne. Tazarar da ke tsakanin lamba da mai bi mata kashi biyu cikin uku na santimita ne, wato milimita 6.67. Lissafinsa ba wuya: a auna las da santimita, a ninka da ɗaya da rabi. Las mai santimita 28 ya ba da 42, mai santimita 30 ya ba da 45. Maza da mata da yara duk a kan tsani ɗaya suke, ba a sake ƙidaya daga farko.

Wanda ya san tsawon ƙafarsa zai iya kintata lambarsa da haka:

EU = (tsawon ƙafa da santimita + 1.5) × 1.5

Kintace ne, saboda wancan 1.5 ɗin da aka ƙara shi ne rarar da kamfanoni suka saɓa a kanta. Idan kamfani ya bar santimita biyu, lambar wannan ƙafar za ta hau da kusan lamba guda.

Birtaniya da Amurka: 7, 8, 9

Turawan Ingila da inci suke awo, kuma tazarar lambobinsu ɗaya cikin uku na inci ne, milimita 8.47. Tsohon ma'auni ne da suke kira da sunan ƙwayar sha'ir. Tunda tazarar tana da faɗi, sai suka sa rabi a tsakani, shi ya sa ake ganin 8½. A wurin manya, ana ninka tsawon las da inci sau uku a cire 25. Las mai inci 11, wato kusan santimita 28, ya ba da UK 8, daidai da 42 na Turai.

Daga nan wasu 'yan kasuwa suka samo dabarar “ƙara 34 a kan lambar Ingila”. Dabarar tana aiki a kusa da 8 kawai. Matakin Ingila ya fi na Turai faɗi, har taki huɗu na Ingila ya yi kusan taki biyar na Turai. Saboda haka UK 12 yana faɗawa wajen 47, ba 46 ba, UK 4 kuma wajen 37, ba 38 ba. Duk yadda aka yi nisa da tsakiya, kuskuren yana girma.

Akwai tarko na biyu. Lambobin yara a wannan tsarin suna hawa har 13, sannan a koma 1 a fara na manya. Lamba 10 ta yara las ɗinta santimita 18 da ɗoriya ne, lamba 10 ta manya kuma kusan santimita 30. Wanda ya ce a waya “a kawo lamba goma” bai faɗi komai ba tukuna.

Amurka ta ɗauki tazarar Ingila amma ta canza inda ake fara ƙidaya. Lambar maza ta Amurka takan fi ta Ingila da ɗaya, wasu kamfanonin kuma da rabi. Ta mata tana gaba da ta maza da ɗaya ko ɗaya da rabi. Wannan ya shafi masu sayen gwanjo sosai, domin kambas mai US 9 na mata ya gaza mai US 9 na maza da kusan santimita guda ko sama, kuma a tsibin gwanjo ba wanda ya ware su.

Ko manyan kamfanoni ba su daidaita ba. A takalmin maza da aka rubuta wa US 9 da santimita 27, Nike tana sa UK 8 da EUR 42.5, Adidas kuma tana sa UK 8½ da 42⅔. Tsawo ɗaya ne, fassara biyu.

Lambar China, inda aka fi yin asara

Kaso mai yawa na takalman da ke shiga kasuwannin ƙauye daga China suke fitowa, kuma a nan ne ruɗanin ya fi ɓoyuwa, domin lambobin sun yi kama da na Turai kamar an tsaga kara. China tana da tsari biyu. Sabon yana rubuta tsawon ƙafa da milimita, kamar 250 ko 265. Tsohon, wanda har yanzu ake bugawa a ƙasan takalmi, yana ba da lambobi irin su 39, 42, 44, ta wannan hanyar:

lamba = (tsawon ƙafa da santimita × 2) − 10

Abin lura shi ne tazarar. A wannan tsarin, tsakanin lamba da lamba milimita biyar ne, ba 6.67 ba. Tsani biyu ne aka jingina a bango ɗaya, matakan ɗaya sun fi na ɗayan kusanci. Suna haɗuwa a wajen 39, inda dukkansu ke nufin ƙafa mai santimita 24 da rabi. Daga nan sai su fara rabuwa. A 42, na Turai yana ɗaukar ƙafa mai santimita 26 da rabi, na China 26. A 45, na Turai yana ɗaukar 28 da rabi, na China 27 da rabi. Santimita guda cur a tsakani, wato lamba ɗaya da rabi ta Turai.

Wannan shi ya sa masu babbar ƙafa suka fi kowa ƙorafin cewa takalmin China “ƙanana ne”, alhali mai saka 39 ko 40 bai taɓa ganin matsala ba, har yakan ɗauka ƙorafin son magana ne. A ƙasa da 39 kuma abin juyawa yake: 36 na China santimita 23 ne, na Turai 22 da rabi, sai mace ta ga takalmin yana mata ɗan yawa.

Ba kowane takalmin da aka yi a China ne ke bin wannan tsarin ba. Wanda aka yi wa kamfanin waje yana bin ma'aunin kamfanin. Hanyar ganewa ita ce a duba ko akwai lamba mai alƙaluma uku a gefe. Idan aka ga 44 tare da 270, tsanin China ne. Idan 44 yana tare da 280 ko kusa da haka, na Turai ne.

Ƙafa ɗaya, lambobi biyar

A ɗauka wani magidanci ne a wani ƙauye a ƙasar Gaya, yana son ƙaninsa da ke Kano ya sayo masa takalmi. Da la'asar, bayan ya dawo daga gona, ya shimfiɗa fallen takarda a kan siminti, gefenta a jikin bango. Ya taka ta a tsaye, diddigensa ya taɓa bango, nauyinsa a kan ƙafar. Yaronsa ya riƙe biro a miƙe, ya ja layi a daidai ƙarshen yatsan da ya fi tsawo. Ba dole ne ya zama babban yatsa ba, ga wasu na biyu ne. Aka yi wa ɗaya ƙafar haka. Da aka ɗora tef ɗin tela ta fuskar santimita, dama ta ba da 26.7, hagu ta ba da 27. Da babbar ake aiki, saboda haka ƙafarsa 27 ce, ko milimita 270.

A tsarin Turai, 27 da 1.5 sun zama 28.5, a ninka da ɗaya da rabi ya ba da 42.75, wato 43. A tsohon tsarin China, 27 sau biyu 54, a cire goma, saura 44. A na Ingila, santimita 28.5 ya yi inci 11.2, sau uku ya haura 33 da rabi kaɗan, a cire 25 ya faɗa wajen 8½. A na Amurka zai zama 9 ko 9½ gwargwadon kamfani. A takalmin da aka sa wa CM ko JP, wato santimita ko tsarin Japan, 27 ko 270 zai nema.

To idan saƙonsa ya tsaya a “43”, kuma ƙanin ya faɗa kan takalmi mai tsanin China, abin da zai iso gida an yi shi ne don ƙafa mai santimita 26 da rabi. Rabin santimita a ido ba komai ba ne, amma ya cinye kashi ɗaya cikin uku na sararin da yatsu ke buƙata. Takalmin zai shiga, mutum ya yi murna a zaune, sai an taka zuwa masallacin Idi a dawo sannan farce ya fara magana.

Dalilin yin awon da yamma shi ne ƙafa takan ɗan kumbura bayan yini a tsaye ko tafiya cikin zafi. Dalilin yin sa a tsaye kuma shi ne ƙafa tana bajewa idan nauyi ya hau ta. Sannan a kula da fuskar tef. Teloli da inci suke aiki, inci ɗaya kuma santimita 2.54 ne, don haka ƙafar nan idan aka karanta ta ɗaya fuskar 10 da rabi da ɗoriya za a gani, lambar da ba ta da alaƙa da UK 10.

Abin da lamba ba ta faɗa

Duk lissafin da ya gabata na tsawo ne. Amma takalmi da yawa da ake cewa sun yi kaɗan, tsawonsu daidai ne, faɗi ne ko tudu ya gaza. Mutumin da ya tashi da silifas da fade, ko yana yawan tafiya ba takalmi a gona, gaban ƙafarsa yakan fi bajewa, yatsunsa a warwatse, fiye da wanda ya girma cikin takalmi mai rufi. Sau-ciki mai siririn baki ba a yi las ɗinsa da irin wannan ƙafar a zuciya ba.

Wasu kamfanoni suna nuna faɗi da harafi. A Amurka D ne matsakaici ga maza, B ga mata, 2E da 4E kuma na masu faɗin ƙafa. A Ingila F ne matsakaici, G mai faɗi. Akasarin kayan da ke zuwa kasuwannin ƙauye ba su da wannan harafin sam, faɗi ɗaya aka yi wa kowa.

Ana iya gane inda matsalar take daga inda ya yi ciwo. Idan ƙarshen yatsa yana dukan gaban takalmi, ko farce ya yi baƙi, tsawo ne ya gaza. Idan gefen ƙaramin yatsa ko gindin babban yatsa ne ya yi ja ko ya tashi bororo, alhali akwai sarari a gaba, faɗi ne. Idan ƙafar ta ƙi wucewa tun daga bakin takalmin, tudun bayan ƙafa ne. Wanda ya magance ƙarancin faɗi da ƙara lamba biyu yakan sami wata sabuwar damuwa: diddige yana fita a kowane taku, kuma takalmin yana lanƙwashewa a inda ƙafa ba ta lanƙwashewa. Ƙara rabin lamba ko ɗaya yana taimakawa, tunda las yana ɗan ƙara faɗi tare da tsawo, amma fiye da haka gara a canza samfuri.

“Zai buɗe” da “a yi lamba ɗaya ga kowa”

Mai sayarwa yakan ce takalmi zai buɗe idan an saka shi, mai saye kuma yakan ɗauka dabarar ciniki ce. Kowane ɓangare yana da rabin gaskiya. Fata ta ainihi tana saki ta faɗi, ta bi siffar ƙafa bayan kwanaki, kuma baduku yana iya taimaka mata. Amma ba ta ƙara tsawo, domin tafin takalmi da abin da aka ƙarfafa baki da diddige da shi ba sa miƙewa. Takalmin roba da fatar kanti mai rufin leda kuwa ba su cika saki ba, sun fi saurin tsagewa a inda aka matsa musu. Mai ciwon suga bai kamata ya shiga wannan jiran ba ko da fatar gaske ce, saboda ƙafarsa tana iya rage jin zafi, ƙaramin gurjewa ya zama gyambo bai sani ba.

A matakin duniya kuma akwai wata muhawarar. Hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, tana da tsari mai suna Mondopoint, wanda ke rubuta tsawon ƙafa da faɗinta da milimita, kamar 270/105. Masu goyon bayansa suna cewa idan lamba ta zama awon ƙafa kai tsaye, an huta da fassara, kuma ana amfani da shi a takalman soja na ƙasashe da dama. Masu ganin bai isa ba suna cewa ko an daidaita lamba, las ba zai daidaitu ba, tunda siffar baki, tudun diddige da kaurin abin da aka shimfiɗa a ciki duk suna canza yadda takalmi ke zama. Akwai kuma sabo: mai saye ya san kansa da 42, kuma ɗan kasuwa ba ya son ya canza harshen da ake ciniki da shi. Abin da ya faru a aikace shi ne tsaka-tsaki. Manyan kamfanoni suna jera lambobi huɗu ko biyar a ƙarƙashin harshen takalmi, kuma a cikinsu ta santimita ko milimita ce ta fi kusa da zama abu ɗaya daga kamfani zuwa kamfani, duk da ita ma ba ta kuɓuta daga ɗan saɓani ba.

Tsinken tsintsiya

Tsohuwar dabarar iyaye ta karya tsinken tsintsiya ko kara daidai tsawon ƙafar yaro a tafi da shi kasuwa ta fi faɗin lamba inganci, domin awon ƙafa ne kai tsaye, irin abin da Mondopoint ke nema. Inda take lalacewa shi ne wajen gwadawa. Sau da yawa ana ɗora tsinken ne a ƙasan takalmi ta waje, alhali tafin waje ya fi cikin tsawo, a kambas mai kaurin baki ma da nisa. Wurin tsinke cikin takalmi ne: a kwantar da shi, a tura shi har ya taɓa gaba, sannan a duba abin da ya rage a bayansa. Ga yaro ana son rarar ta kai faɗin babban yatsan hannu, santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Sayen wanda ya fi haka da yawa don ya kai Salla mai zuwa yana sa yaro jan ƙafa da tuntuɓe, kuma sau da yawa takalmin yakan mutu kafin ƙafar ta cike shi. Idan shimfiɗar ciki tana fita, a zare ta yaron ya taka a kai, nan take za a ga tsawo da faɗi gaba ɗaya.

A takalmin da aka ɗinka a gida, irin na dukawan Kano ko na Aba, lambar da aka buga ta las ɗin mai ɗinkin ce, ko ta tafin da ya sayo, don haka 42 ɗin shago biyu maƙwabta ma yana iya bambanta. Masu yin fade da yawa sun fi son su zana ƙafar mutum a kan kwali, kuma wannan kwalin ana iya aika shi da direba kamar yadda ake aika tsinke. A gwanjo, lamba ta fi ko'ina rauni: wani ya riga ya saka takalmin ya buɗa shi da siffar ƙafarsa, rubutun ya goge, ba a san ko UK ne ko US ba.

Ga mai saye ta waya, saƙon da ya fi amfani shi ne tsawon ƙafa da santimita, da faɗin inda ta fi bajewa idan mai faɗin ƙafa ne, sannan a nemi mai kaya ya ɗauko hoton takardar da ke ƙarƙashin harshen takalmin, ko ya sa tef a ciki ya faɗi abin da ya gani. Ga magidancin nan mai ƙafa 27, cikin sau-ciki ya kamata ya ba da wajen 28 da rabi zuwa 29. Ɗan kasuwar ƙauye da ke saro dozin a Kano shi ma lissafin ya shafe shi. Dozin ɗin da aka rubuta wa 40 zuwa 45 a tsanin China yana tsayawa ne a ƙafa mai santimita 27 da rabi, don haka mai saka 44 ko 45 na Turai ba shi da rabo a cikinsa, ko da lambarsa tana nan a buge a ƙasan takalmin.